Dogon Rubutu Guda, Kwana Shida: Yadda Ake Fitar da Kafshan Daga Cikinsa

"Assalamu alaikum Malam. Ina kula da shafin wani shagon kayan noma a nan Kaduna. Maigidana, mai shagon, ya rubuta dogon bayani, ya kai kalma 1,800, a kan adana wake a buhun PICS, buhun nan mai leda a ciki da ke hana iska shiga, ba tare da magani ba, ya ce in raba shi ya ishe mu mako guda. Na yanka shi gida bakwai, na sa 'Kashi na 1', 'Kashi na 2', ina ɗorawa kullum a Facebook da Instagram. Ranar farko an karanta, daga rana ta uku shiru kake ji. A ina na kuskure, kuma yaya ake yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kuskuren yana wurin yankan. Kin yi wa rubutun yankan burodi, kowane yanki daidai da ɗan'uwansa, alhali maigidanki ya gina shi ne kamar bene: hawa na uku yana zaune a kan na biyu, na biyu a kan na ɗaya. Wanda ya zauna ya karanta daga sama har ƙasa ba zai ga matsala ba. Amma mai waya ba haka yake zuwa ba. Yana cikin Keke Napep daga Kawo zuwa Kasuwa, yana murza fuskar waya da babban yatsa, sai ga "Kashi na 4" ya faɗo masa. Bai ga na ɗaya ba, domin Facebook da Instagram ba sa nuna wa kowane mabiyi duk abin da kika ɗora, kuma ba sa jera su bisa tsarin da kika ɗora su. Abin da lambar nan ta faɗa masa shi ne ya makara, an yi nisa ba da shi. Sai ya wuce.

Don haka ma'aunin da nake aiki da shi guda ne: kowane kafshan, wato gajeren rubutun da ke rakiyar hoton da kika ɗora, ya tsaya da ƙafarsa, a gaban mutumin da bai ga na jiya ba kuma ba zai ga na gobe ba. Duk sauran abin da zan faɗa daga nan ya fito.

Fitar da maganganun kafin ki taɓa waya

Ki fara da takarda da biro. Ki karanta rubutun sau ɗaya ba tare da kin rubuta komai ba. A karo na biyu, duk inda kika ci karo da magana wadda manomi zai iya ɗauka ya faɗa wa maƙwabcinsa a majalisa, ki ja layi a ƙarƙashinta, ki rubuta ta a gefe cikin jimla guda. Wannan gwajin majalisar yana da amfani ƙwarai. "Adana amfanin gona abu ne mai muhimmanci" ba wanda zai kai majalisa. "Idan gishiri ya manne a jikin kwalba, wakenka bai bushe ba" kuwa, kafin magariba ta zagaya unguwa.

Rubutu a kan buhun PICS, in wanda ya san kayan ne ya yi shi, zai ƙunshi kusan waɗannan: ƙwarin wake suna shigowa tun daga gona, su ci gaba da hayayyafa a cikin buhu, barbaɗa maganin ƙwari a kan abin da za a ci yana da haɗari, buhun hawa uku ne, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, ƙwarin suna mutuwa ne saboda iskar da suke shaƙa ta ƙare, sai wake ya bushe sarai ake zuba shi, ana duba ledar ko ta huje, kowane hawa ɗaurinsa daban, ana ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera da danshi, ba a yawan buɗewa, sai farashi da inda shago yake. Goma ke nan. Da su za ki yi aiki, ki bar ƙidayar sakin layi. Wata maganar za ki tarar an baje ta a wuri uku cikin rubutun, sai ki tattaro ta wuri guda. Wani sakin layin kuma, duk tsawonsa, ba za ki samu ko magana ɗaya a cikinsa ba.

A nan ne ake jin nauyin maigida, na sani. Gabatarwar da ya yi, da gaisuwa, da tarihin yadda ya buɗe shagon, su ne suka zama "Kashi na 1" a wurinki, kuma a dogon rubutu suna da gurbinsu. A kafshan ba su da shi. Kada ki ji tsoron barin kusan rabin rubutun a inda yake. Yana nan cikakke ga mai son karantawa.

Daga goman nan sai ki haɗe waɗanda ba sa rabuwa. Hawa uku da ƙarewar iska magana ɗaya ce, domin ɗaya ce ke bayyana ɗaya. Duba leda da ɗauri aiki ɗaya ne da ake yi a zama ɗaya. Wurin ajiya da hana yawan buɗewa duk sun shafi abin da ke biyo bayan ɗauri. Ƙwari daga gona da haɗarin magani za su iya zama ƙofar shiga. Sai ki ga goma ta koma shida. Maigida ya ce mako guda, amma shida rubutun ya bayar, to a tsaya a shida. Na bakwai da za ki ƙirƙiro don cike gurbi shi ne zai koya wa mabiyanki cewa ba kullum ake samun abu a shafinku ba.

Kada magana ta rabu da sharaɗinta

Wannan ne wurin da nake so ki fi daɗewa, domin shi ne wanda ke jawo asara ta gaske, ba ƙarancin masu karatu kawai ba.

A dogon rubutu, marubuci yakan faɗi abu a shafi na biyu, ya kawo sharaɗinsa a shafi na huɗu, kuma ba laifi, tunda mai karatu zai isa can. Da zarar kin raba su zuwa ranaku daban, sun zama maganganu biyu da ba su san juna ba. Ranar Litinin kin ce buhun yana adana wake wata da watanni ba magani. Ranar Alhamis kin ce sai wake ya bushe. Wanda ya ga na Litinin kaɗai zai saya, ya zuba waken da bai gama bushewa ba, ya ɗaure tamau. Ledar da ke hana iska shiga ita ce kuma ke hana danshi fita. In ya buɗe ya tarar da fumfuna da wari, ba zai ce shi ya yi kuskure ba, cewa zai yi buhun shagonku ne ba shi da kyau. Kuma gaskiyarsa, tunda abin da kuka faɗa masa ke nan.

Ni da hannuna na taɓa yin wannan. Shekarun baya ina rubuta wa wani mai sayar da 'yan tsaki, na raba masa bayani a kan renon su a makon farko. Rana ta biyu na rubuta yadda ake kunna gawayi a kasko a ɗumama ɗaki lokacin hunturu. Maganar barin kafar da iska za ta shiga ta fita na ajiye ta sai rana ta uku, domin a rubutun asali ƙarƙashin wani take daban take. Wani ya ɗauki hoton na rana ta biyu ya tura a guruf ɗin masu kiwo a WhatsApp. Bayan kwana biyu wani bawan Allah ya kira lambar shagon daga wajen Rigachikun. Ya toshe taga da buhu, ya rufe ƙofa, ya kunna gawayi, da asuba ya tarar da tsakinsa da yawa a kwance. Bai yi faɗa ba, tambaya kawai yake yi ko wata cuta ce. Ni na san ba cuta ba ce, kuma har yau muryarsa ba ta bar kunnena ba.

Tun daga ranar, kowace jimla da na fitar a takarda sai na rubuta "amma sai" a gabanta, in duba ko akwai abin da zai cike gurbin. Buhun yana kashe ƙwari, amma sai ledar ba ta huje ba. Yana adana wake, amma sai ya bushe. Ana sake amfani da shi wata kakar, amma sai an duba shi tukuna. Duk abin da ya biyo bayan "amma sai" yana tafiya tare da maganar a kafshan ɗaya, ko da za a maimaita shi kwana huɗu a jere. Ke da kike rubuta duka shidan za ki ji maimaicin ya yi yawa. Mai karatu da ya ga biyu daga ciki ba zai ji ba.

Haka lambobi suke, in rahoto ne kike rabawa. A ce rahoto ya nuna an tambayi manoma 40 a Giwa, 30 suka ce sun yi asarar wake bara. In kika rubuta "kashi 75 na manoma suna asarar wake", lissafinki daidai ne amma maganar ta zama ƙarya, domin kin mai da mutum 40 na gari ɗaya manoman ƙasa baki ɗaya. Lamba tana fita ne da mutanenta, da garinta, da shekararta. In wurin bai isa ya ɗauki duka ukun ba, ki bar lambar.

Ginin kafshan ɗaya

Instagram yana karɓar haruffa 2,200 a kafshan, amma kusan 125 na farko kawai ake gani kafin a yanke, sai mutum ya taɓa "more" ya ga sauran. Facebook ma yana naɗe dogon rubutu a ƙarƙashin "See more". Ma'anar wannan ita ce layin farko shi ke sayar da sauran. In kika kashe shi a kan "Barkanmu da warhaka masu bibiyarmu, a ci gaba da bayaninmu na jiya", an yanke ki kafin ki ce komai. Sallama al'adarmu ce kuma ban ce a yar da ita ba, sai dai a gajarta ta, ko a ɗora ta a jikin hoton, maganar ta samu layin farko.

Ga yadda zan rubuta na bushewa:

"Wake mai danshi ko a buhun PICS ka zuba shi, fumfuna zai yi. Ledar da ke hana iska shiga ba ta barin danshi ya fita, don haka sai ya bushe sarai tukuna. Ga gwajin da za ka yi a gida: sami busasshiyar kwalba ta gilashi, zuba wake kaɗan da busasshen gishiri, rufe, girgiza sosai, ka bar ta ta ɗan zauna. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, mayar da waken kan tamfol ya ƙara shan rana. In bai manne ba, ya isa zubawa. Kai da wace dabara kake gane wakenka ya bushe?"

Jimlar farko haruffa 60 ce, ta shiga gaba ɗaya kafin yanka. Ki lura kuma na sake faɗin abin da ledar ke yi a cikin jimla guda, duk da cewa akwai ranar da aka ware wa wannan, saboda mai karatun yau ya fahimci dalili. Ba "kamar yadda muka faɗa jiya", ba "kamar yadda za mu gani gobe". Sannan abu ɗaya na nema daga gare shi a ƙarshe. In kika ce ya yi sharhi, ya tura wa wasu, ya danna linki, ya zo shago, duk a layi guda, to babu wanda zai yi.

Na ɗauri kuma zai fara kamar haka: "Leda biyu, buhu ɗaya, ɗauri uku. In ka haɗa su ka ɗaure lokaci guda, iska za ta sami hanya." Daga nan sai matakan: a cika ledar da iska a matse a ji ko tana zurara, a sa ɗaya cikin ɗaya sannan cikin buhun saƙa, a zuba busasshen wake a bar wurin ɗauri a sama, a matse iskar da ta rage, a murɗe bakin ledar ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu, sannan na waje. Wannan ranar bidiyo take so. Ki sa yaron shago ya ɗaure buhu guda a ƙofar shago ki ɗauka da waya, hannunsa kawai ake buƙatar gani. Kada ki yi amfani da hoto ɗaya duk kwana shidan. Ido ne ke fara yanke hukunci, in ya ga hoton jiya zai ɗauka rubutun jiya ne. Kwalbar gishiri ranar bushewa, tafin hannu cike da hujajjen wake ranar ƙwari, buhu a kan katako ranar ajiya.

Muryar ma tana sauyawa. Maigida ya rubuta "ana shawartar manoma da su tabbatar", ke ki ce "tabbatar", kamar mutumin yana tsaye a gaban kantar shagonku.

Wace rana, wane kafshan

Ba dole ki bi jerin rubutun asali ba. Ki bi jerin aikin manomi da na kasuwa. Ki buɗe da abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya, wato hujajjen wake da kuma tsoron magani a abinci, domin shi ne zai tsayar da wanda bai san ku ba. Washegari yadda buhun ke aiki, sai bushewa, sai ɗauri, sai ajiya. Na farashi da kwatancen shago shi ne kaɗai ke da ranar da ta fi dacewa da shi. Kasuwar Kawo ranar Talata take ci, mutanen ƙauyuka suna shigowa gari da kuɗin saye a aljihu, don haka Litinin da dare ya kamata ya fita. Sai ki ƙirga baya daga nan: ki fara ranar Larabar da ta gabata, ko kuma Talata in kina son hutawa ranar Juma'a. A aikina da masu kayan noma na fi ganin amsa bayan sallar Isha'i, amma ki buɗe Insights na shafinku ki ga lokacin da naku mutanen suke kan waya, shi ya fi nawa.

Duka wannan kuma lokacin kaka yake da kasuwa, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da wake ke shigowa gida. Kafshan shida masu kyau a kan adana wake a tsakiyar damina za su faɗi ƙasa banza.

Ki rubuta duka shidan a zama ɗaya, sannan ki tsara musu ranaku a Meta Business Suite, wanda ke ɗora wa Facebook da Instagram a lokacin da kika sa. Amfanin zama ɗaya ya wuce sauƙi: a nan ne za ki jera su ki ga wanda ya rasa sharaɗinsa, da biyun da suka fara da kalma iri ɗaya. Kafin ki tsara, ki cakuɗa su, ki zaro ɗaya ki miƙa wa wani a gida wanda bai karanta rubutun ba. Ki tambaye shi me aka ce ya yi. In ya ce "wane buhu?" ko "wane gwaji?", kafshan ɗin yana jingine da wani, a gyara. Sannan maigida ya duba su duka kafin su fita, domin gajartawa takan sauya ma'ana ba tare da mai gajartawar ya lura ba, kuma shi ne ya san kayan.

Linkin cikakken rubutun ba ya dannuwa a cikin kafshan na Instagram, sai ki sa shi a bayanin shafin ki ce yana can. A Facebook yana dannuwa. Ni ba na sa shi kullum, sau biyu ya isa, a ranar yadda buhun ke aiki da ranar ƙarshe. In za ki kai su X, iyakar mai asusu na kyauta haruffa 280 ce, a nan jimlar farko da sharaɗinta kawai za su shiga, kuma in ɗaya zai fita to ba sharaɗin ba. Sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, wanda ya ƙara nuna cewa dogaro da na jiya ba shi da amfani.

Inda dabarar ba ta aiki

Akwai rubutun da bai kamata a raba shi haka ba. Matakan da suke a jere, waɗanda tsallake ɗaya ke ɓata sauran, kamar ɗaurin nan, ko haɗa maganin feshi, ko awon magani, su zauna wuri guda ko da kafshan ya yi tsawo. In sun fi ƙarfinsa, ki sa su a hotuna masu jere cikin ɗorawa ɗaya, kowane mataki da hotonsa. Lambar kashi kuma tana da wurinta a labari, inda mai karatu ke jiran abin da zai faru gaba. Bayanin buhu ba wanda ke kwana da ɗokin jin ƙarshensa.

Sannan shirun da kika gani ba lallai yankan kaɗai ya jawo shi ba. Shafin da mabiyansa kaɗan ne, ko waɗanda akasarinsu ba manoma ba ne, gyaran kafshan ba zai cika shi da jama'a a mako ɗaya ba. Don haka in kin sake ɗorawa, kada ki auna da yawan masu danna alamar so. Ki duba nawa suka tura wa wasu, nawa suka adana, da irin tambayoyin da ake yi a ƙasa. In an tambayi abin da ke cikin kafshan ɗin jiya, kamar "sai ya bushe ake zubawa?", alama ce sharaɗin bai biyo ba. In kuwa an tambayi abin da babu shi a rubutun maigida gaba ɗaya, kamar ko ana zuba masara ko dawa a buhun, ki rubuta tambayar a takardarki ki kai masa. Amsar e ce, ana zubawa, da sharaɗin bushewa iri ɗaya, kuma ga kafshan na bakwai da yake nema ya samu.

Kashi bakwai da kika riga kika ɗora ki bar su a inda suke, ba sai kin goge ba. Ki ba da tazarar mako guda, ki fito da sababbin shidan da sababbin hotuna, ki fara da tafin hannu cike da hujajjen wake.